Idan mai ɗaukar ma'aikata ya tambayi nawa kake so a biya ka

"Wata mai ɗaukar ma'aikata ta turo min saƙo a WhatsApp kan aikin akanta a wani kamfani a Abuja, tana tambayar nawa nake sa ran a biya ni. Yanzu ₦180,000 ke shiga asusuna a nan Kaduna. Ina tsoron in faɗi da yawa su gudu, in faɗi kaɗan in cuci kaina. Tun jiya na kasa amsawa." Wata 'yar'uwa, Kaduna

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, tambayar da take yi wa kowa ce, don ta ga ko kuɗinki ya shiga cikin abin da aka ware wa kujerar. Amma ki amsa yau, shirun ya fi kowane adadi hatsari.

Fara da mayar mata da tambayar cikin ladabi: "Na gode. Ko zan iya sanin abin da kamfanin ya ware wa wannan matsayi, da alawus ɗin da ke tare da shi?" In ta faɗa, kin huta. In ta ce ke dai ki faɗa, to ki faɗa, kada ki sake zillewa. Kada kuma ki rubuta "duk abin da kuka bayar". Wannan kawaicin na gidan surukai ne, a nan kuwa mafi ƙarancin abin da suka ware za a ba ki.

Kafin ki rubuta adadi, ɗauko biro. A ce haya da kuɗin mota daga Kubwa ko Lugbe zuwa cikin gari za su ƙara miki ₦60,000 a wata. Kenan sai ₦240,000 ta shiga asusunki kafin ki dawo daidai inda kike yau, ba ƙarin ko sisi.

Ga inda nake yawan faɗa da masu rubuto min. Ke kina lissafin abin da zai shiga asusu, kamfani kuwa galibi yana maganar albashi kafin a cire haraji da fansho. Ɗauki ₦300,000 a wata, wadda na san za ta yi miki daɗin ji. Kason ma'aikaci na fansho kashi 8 cikin ɗari ne. Idan an lissafa shi a kan albashin duka, ₦24,000 ta tafi. Sai haraji: a dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, ₦800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, abin da ya haura nan a albashi irin naki kashi 18. Wannan ya kama kimanin ₦32,000 a wata. Abin da za ki gani a waya kusan ₦244,000 ne. Wato kin kwashe kaya, kin bar 'yan'uwa, kin biya kuɗin dillalin gida, duk don ribar ₦4,000! Sai ƙarshen wata a zo ana cewa an yaudare ni, alhali ba a tambaya ba ne.

Saboda haka ki rubuta kamar haka: "Bisa ƙwarewata da nauyin aikin, ina sa ran ₦340,000 zuwa ₦380,000 a wata kafin cire haraji da fansho. Za mu iya tattaunawa idan na ga sauran alawus da inshorar lafiya." Lura da na ƙasan, shi kaɗai za su riƙe, don haka ya zama wanda za ki karɓa ba da ƙunci ba, ₦340,000 za ta bar miki kusan ₦274,000. Kada tazarar ta yi faɗi: mai cewa dubu 200 zuwa 500 ya nuna bai san farashinsa ba. Kuma kafin ki tura, tambayi akanta biyu da ke aiki a kamfani mai girma irin wannan a Abuja. In suka ce kujerar ba ta kai haka ba, kin san tun yanzu ƙaurar ba ta biya ki.

"Sun tambayi albashina na yanzu. In ninka musu shi?" Wani matashi, Kano

Ka ninka, gobe su ce ka turo takardar albashin wata uku, sai ka ce me? Ko dai ka faɗi gaskiya tare da alawus ɗinka duka, ko ka ce ka fi son a yi magana a kan darajar sabon aikin.

"Na faɗi ₦400,000, nan take ya amince ba ciniki. Yanzu ya ce in tura ₦15,000 kuɗin fom da gwajin lafiya." Wani ɗan'uwa, Gombe

Malam, kada ka tura ko kwabo. Babu ganawa, babu tayi, sai amincewa? Kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan mai nemo masa shi. Nemi lambar kamfanin daga shafinsa na ainihi, ka kira ka ji ko sun san mutumin, kuma kada ka ba shi BVN ɗinka.