Shadda guda ɗaya ta rage, me zan rubuta a ƙasan hoton?

"Maigida, shaddar nan ruwan zuma guda ɗaya ta rage a kanta. Na ɗauki hotonta zan sa a Instagram da Status. Me zan rubuta a ƙasa don mutane su turo saƙo su saya?"

Ajiye wayar tukuna, ka ɗauko abin awo ka auna ta a gabana. Na san an ce maka yadi biyar ce. Ka auna duk da haka, domin ba za ka rubuta adadin da hannunka bai tabbatar ba a shafin da ke ɗauke da sunan shagona.

Ka san abin da ya sa nake zafi a kan wannan? Kwana goma kafin Babbar Sallar 2022, yaron da ke zaune a wurinka kafin ka zo ya sa hoton wata gezna ruwan toka. Ita ma guda ɗaya ta rage, yadi biyar, ninke take a ledarta. Shadda mai nauyi idan an ninke ta, a hoto ba ka bambance biyar da goma. Sai ya je ya kwafo irin maganganun da ya ga wasu suna sawa, ya rubuta: "Gezna ta manya, ta babbar riga, a fito a sha Sallah. Naira dubu 48. A turo saƙo." Ko kalma ɗaya a kan yadi babu. Ni kuma a lokacin ina tsakiyar cunkoson Kwari, wanda ya san Kwari a satin Sallah ya san ba ka da lokacin duba waya, ban karanta ba sai bayan ta ɓaci.

Wani mutum daga Kaduna ya turo saƙo, ya ce a kira shi. Yaron ya kira. Na ji da kunnena, ina tsaye ina yanka wa wata baiwar Allah yadi, yaron ya ce masa, "Alhaji, yadi biyar ce fa." Ya ce ya sani, kaftani zai ɗinka. Ya turo kuɗi, kuɗin kuma sun shiga, ba alat ɗin bogi ba ne. Muka kai tashar Unguwa Uku, muka ba direba, har kuɗin motar ni na biya, don rubutun bai ce wa zai biya ba, shi kuma ya ce ai ya ɗauka duk a ciki ne. Na haɗiye wannan.

Bayan kwana huɗu sai ga saƙo. Ya ɗauki hoton rubutun namu, ya zagaye "ta babbar riga" da jan layi. Wai ya kai wa tela, tela ya sa almakashi, sai aka ga yadi biyar ce, alhali duk duniya ta san babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma suke ci. Ko dai in cika masa biyar irinta, ko in mayar masa da kuɗinsa, ko kuma ya baza ni a shafukan da ake tona asirin 'yan damfara. Na ce masa, Alhaji, ka ji tsoron Allah, an gaya maka a waya ina ji. Ya ce, ina shaida? Kuma gaskiyarsa ta wannan fuskar, kiran waya iska ne, ya wuce. Abin da ya rage a duniya shi ne layin nan da yarona ya rubuta, kuma layin yana bayansa. Ai ko kai ma, da ba ka san geznar ba, da kuɗin kaɗai sun gaya maka ba goma ba ce. Shi ma ya sani sarai. Amma waɗanda zai nuna wa hoton ba su san farashin gezna ba, jan layi kawai za su gani.

Na nemi irin launin a layinmu da layin baya, babu. Na ce to ya dawo da ita in ba shi kuɗinsa. Ya ce an riga an yanka, zai aiko da guntayen bayan Sallah. Shekara ashirin da wani abu ina gina suna a kasuwar nan, mutane na turo min kuɗi daga Maraɗi da Damagaram ba su taɓa ganin fuskata ba, ba zan bari wani ya ɓata min shi a kan dubu 48 ba. Na mayar masa. Ranar Sallah da yamma yaron ya miƙo min waya hannunsa na rawa. Ga mutumin nan a Status ɗinsa, cikin kaftani ruwan toka, da aiki a wuya, yana murmushi. Geznata ce. Guntayen har yau ban gan su ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma duk lokacin da na ga an ninke shadda ruwan toka sai raina ya ɓaci.

To ka ga abin da rubutun ƙasan hoto yake. Ku yaran yanzu kun ɗauka wurin kirari ne. Ku cika shi da hoton wuta da zuciya da Turancin da ku kanku ba ku san fassararsa ba. Shi kuwa shaida ne, shi za a ɗauko ranar da aka yi saɓani. Maganar yadda za ka ɗauki hoto da inda za ka danna ba zan ɓata bakina a kai ba, ka fi ni sanin wannan, ai a kai kake kwana.

Layin farko shi ne komai. A Instagram, rubutu idan ya ɗan yi tsawo sai ya yanke, ya bar wa mutum "more", kuma mai zazzage hotuna da babban yatsa ba ya tsayawa ya danna. Saboda haka sunan kayan, yadinsa da kuɗinsa su zo kafin a yanke. Sallama da addu'ar safiya ka ajiye su sai mutum ya shigo.

Kuɗin kuma ka rubuta shi. Wannan ɗabi'ar ta "a turo saƙo a ji farashi" ban san wa ya koya muku ba. Kuna cewa wai don saƙonni su yi yawa. Za su yi yawa kuwa, mutum talatin duk "nawa ne?", ka wuni kana amsawa, a ƙarshe ba wanda ya taya. Mai kuɗi a hannu kuma, wanda ya fi kowa ƙin ɓata lokaci, zargi yake yi cewa sai ka leƙa hotonsa ka ga motarsa kafin ka yanka masa farashi, sai ya wuce. Ni saƙo uku na masu niyya sun fi min talatin na 'yan kallo. Tsoron kada maƙwabci ya ga farashina? Maƙwabcina ya san kuɗin da na saro ta, wurin mutum ɗaya muke sari.

Ga yadda za ka rubuta, idan awon ya tabbata:

"Shadda ruwan zuma, yadi 5, naira 38,000. Guda ɗaya ce ta rage. Ta isa kaftani da wando, ba ta isa babbar riga ba. Mai so ya turo saƙo ya rubuta SHADDA 17 da sunan garinsu. Kuɗin mota na mai saye ne. Wanda kuɗinsa ya fara shiga shi ke da ita."

Kada ka sa mata gezna, ba ita ba ce, ko da ta yi ƙyalli a hoto. Kuma ka lura na faɗi abin da ba za ta yi ba. Na san zai yi maka nauyi, kana ganin kamar kana kushe kayanka. Wannan rabin layin da a ce yana nan a 2022, da mutumin Kaduna bai sami abin zagayewa ba.

Lambar nan 17 ita ce wadda ke jikin ledar, kuma ba ado ba ce. Status kwana ɗaya yake yi ya ɓace. Jibi wani zai turo maka "ina son waccan ta shekaranjiya", kai kuma ka sa shadda shida a ranar. Idan ka ba shi abin da zai rubuta, ka sauƙaƙa masa, domin da yawa suna son saye amma ba su san ta inda za su fara magana ba. Sunan garin kuma yana ba ka damar gaya masa kuɗin mota tun a amsa ta farko, ba sai an yi ta kai da komo ba. Mutum ya ce Zariya, ka san abin da direba zai karɓa. Ya ce Yamai, ka san wata magana ce daban.

Hanya ɗaya za ka nuna masa, kada ka ce ya kira, ko ya turo nan, ko ya turo can. Idan WhatsApp kake so ya zo, ka sani adireshin da aka sa a cikin rubutun Instagram ba ya dannuwa, sai ka sa shi a saman shafin shago ka ce yana can. Lambar wayar ba sifili a gaba, kuma kana iya sa saƙon ya zo a rubuce:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=SHADDA%2017
```

Idan kuma a Instagram ɗin ka ce a turo, to ka riƙa leƙa Requests, can saƙon wanda ba ka bin shafinsa yake faɗawa, kuma sabon mai saye kusan kullum a can yake. Na taɓa iske saƙon wata hajiya ya yi sati uku a wurin, tana neman kayan lefe.

"Guda ɗaya ce ta rage" kuwa yau gaskiya ce, shi ya sa na yarda ka rubuta. Ranar da muke da goma a kanta kada in gani. Mata musamman ba sa mantuwa, idan ka ce ta ƙarshe ce sannan suka sake ganin ta sati mai zuwa, sun daina yarda da kai ke nan. Layin ƙarshe kuma shi zai raba ka da masu "a ajiye min zuwa Juma'a". Kaya ɗaya, mutum biyu na so, dole a san ƙa'ida tun kafin rigima. Kuma shigar kuɗi na ce, a akawun ɗin shago, ka buɗe ka gani da idonka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne.

Idan mutum ya ce a kira shi, ka kira, girmamawa ce. Amma kana ajiye waya ka rubuta masa: yadi 5, ruwan zuma, 38,000, kuɗin mota kaza, ka jira ya amsa da "to" a rubuce kafin ka ba shi lambar akawun. Da ta tafi ka koma Instagram ka gyara rubutun, ka sa AN SAYAR a farkon layi, na Status kuma ka goge shi, kada wani ya turo kuɗi a kan abin da babu.

Miƙo shaddar nan, kama wancan bakin mu auna.