Wasiƙar bayanin yadda aka fitar da matsakaicin makin ɗalibi

"Iyayen wata ɗaliba sun ce ba su gane yadda 'yarsu ta samu 61 ba, alhali ta ci 84 a Lissafi. Me zan rubuta musu?"

Malam, bayan gaisuwa, fara musu da darasi ɗaya. Idan makarantarku na kan tsarin 40 da 60 ne, rubuta cewa gwaje-gwajen cikin zango ke da maki 40, jarrabawar ƙarshe 60. A ce a Lissafi ta samu 15 cikin 20 a gwajin farko, 17 a na biyu, 52 a jarrabawa. Ga 84 ɗin nan.

Sannan ka jera jimillar kowane darasi: a ce 84, 70, 66, 58, 55, 62, 49 da 44. Sun tashi 488, a raba gida takwas, 61 ke nan. Iyaye suna ganin 49 da 44 za su san inda makin ya zube.

Amma kafin ka sa hannu, sake ƙirga darussan. Nan aka fi yin kuskure: yarinya ta ɗauki takwas a raba da tara, sai 488 ta ba da 54.2. Haka kuma idan rashin lafiya ya hana ta wani gwaji, faɗa musu ko sifili aka saka mata ko an sake yi mata, domin sifili a gwajin maki 20 yana iya zaftare 2.5 daga matsakaicin. Kada ka ambaci makin wani yaro, ko da na ɗaya ne a ajin.