Na yi rajistar CAC, me ya sa masu karɓar haraji ba su bar ƙofar shagona ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa yaji da garin kunu ina ƙullawa a leda da sunan sana'ata, ina kuma da ɗan shago a bakin titi. Bara na ba wani ejan kuɗi ya yi min rajistar CAC, ya ce takardar ta rufe komai, kuma ƙananan 'yan kasuwa ba sa biyan haraji. Yanzu 'yan ƙaramar hukuma sun zo neman kuɗin shago da na allo, 'yan jiha ma sun ajiye min takarda, wani babban kanti kuma ya ƙi karɓar yajina wai babu lambar NAFDAC. Cutata ake yi ko kuwa? Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace tukuna. Amma wanda ya fara cutar ki shi ne ejan ɗin nan, da bakinsa.

Takardar CAC, hukumar Tarayya mai rajistar kamfanoni da sunayen sana'a, ba lasisi ba ce, ba kuma rasit ɗin haraji ba ce. Abin da take cewa kawai shi ne wannan suna na wance ne, ga adireshinta, ga irin sana'ar da ta ce tana yi. Kamar takardar haihuwa take: ta tabbatar da akwai yaro, amma ba ta ba shi izinin tuƙa mota ba. Kusan kullum sai wani ya shigo ofis da satifiket ɗinsa a cikin firam, yana huci, wai shi ya yi rajista da Tarayya, don haka jiha da ƙaramar hukuma ba su isa ba. Idan na tambaye shi wa ya gaya masa haka, amsar ɗaya ce: yaron da ya cike masa fom a shagon kwamfuta. Su waɗannan kuɗin aikinsu suke nema, duk abin da zai sa ki miƙa shi za su faɗa, kuma ranar da aka garƙame miki shago ba za ki same su a waya ba.

Ɗauko takardarki ki duba. Ina kyautata zaton Business Name aka rubuta, babu Limited a ƙarshen sunan. Wannan bambancin shi ne tushen ruɗanin. Rajistar suna ba ta mayar da sana'arki kamfani ba. A idon doka ke da shagon abu ɗaya ne. Sassaucin da kike ji ana faɗa a rediyo, cewa ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba, gaskiya ne, amma na kamfanoni ne masu Limited, su da ke hulɗa da hukumar haraji ta Tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Ke ribar shagonki kuɗin shigarki ne na kanki, kuma hukumar harajin jihar da kike zaune ce ke da hakkin tambayar ki, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Haka nan idan sana'ar ta ci bashi, mai bin bashi zai iya bin dukiyarki ta gida ta hanyar kotu, rajistar suna ba ta yi miki katanga ba. Na sha ganin wanda ya karɓi kaya bashi da gadarar “kamfani ne ya ci”, alhali babu wani kamfani, shi ne dai da allonsa.

To nawa ne harajin? A kan riba ake lissafi, ba a kan ciniki ba. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Mu ƙaddara kin yi cinikin miliyan 6 a shekara. Barkono, citta, gero, kuɗin niƙa, leda, hayar shago, ladan yarinyar da ke taya ki ƙulli da kuɗin mota sun cinye miliyan 4 da dubu 600. Ribarki miliyan 1 da dubu 400 ke nan. Cire 800,000, saura 600,000, kashi 15 ɗinsu naira 90,000 ne a shekara. Da ribar ba ta wuce 800,000 ba, da babu ko sisi a wannan fannin.

Sai dai duk wannan lissafin bai da ƙafa idan babu littafi. Wanda bai rubuta ciniki da kashe-kashensa ba, jami'i zai leƙa shagonsa ya ƙiyasta masa, kuma ƙiyasi ba ya zuwa da rangwame. Littafin makaranta mai layi ya isa: shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, kowace rana, a manna rasit ɗin sari. Ki raba asusun bankin shago da na cefane. Takardar da 'yan jiha suka ajiye miki kada ki sa ta ƙarƙashin katifa. Ki je ofishinsu da lambar harajinki, wato TIN, da littafinki, idan adadin ya yi yawa ki rubuta ƙorafi da wuri, domin akwai wa'adi, kuma yin shiru kamar amincewa ne. Bayanin kuɗin shigar shekarar da ta wuce ana miƙa shi kafin ƙarshen Maris.

'Yan ƙaramar hukuma kuwa, kuɗin shago da na allon talla suna cikin abin da doka ta ba su, kamar yadda rajistar wurin kasuwanci take ta jiha. Ki nemi takardar buƙatar biya mai ɗauke da sunan harajin da shekararsa, ki biya ta banki ko ta hanyar da hukumar ta ayyana, ki karɓi rasit na hukuma. Wanda ya ce ki tura asusunsa na kansa, ko ya ce “kawo rabi mu rufe maganar”, ba haraji yake karɓa ba, kuma wata uku masu zuwa wani zai dawo neman kuɗin nan dai.

Mai kantin nan gaskiyarsa. Duk abincin da aka sarrafa aka ƙulla da suna don sayarwa yana buƙatar rajistar NAFDAC, kuma kowane kaya da lambarsa, ta yaji daban, ta garin kunu daban. A nan ne takardarki ta CAC za ta yi amfani, don da ita ake buɗe nema a shafinsu na NAPAMS. Za su zo su ga wurin da kike haɗawa, don haka ki keɓe ɗaki mai tsafta wanda ba a girkin gida a cikinsa, za su ɗauki samfur zuwa gwaji, su duba lakabin leda: kayan haɗi, nauyi, ranar haɗawa da ranar lalacewa, da adireshi. Lambar tana aiki shekara biyar kafin a sabunta. Kada ki kuskura wani ya ce zai “ara” miki lamba ki buga a ledarki. Wannan jabu ne, laifinsa ya fi na rashin lamba nauyi, kuma kanki zai faɗo.

Abu ɗaya da na tabbata ejan bai gaya miki ba: ita kanta CAC tana jiran Annual Returns ɗinki, wato bayanin halin da sana'arki take ciki, duk shekara kafin ƙarshen Yuni, ban da shekarar da aka yi rajistar. Tunda bara kika yi, bana ya hau kanki. Idan aka bari, tara na taruwa, sunan ya koma Inactive a shafinsu, banki ko mai ba da tallafi ya duba ya mayar miki da takardunki. Ki kira ejan ɗin yau ki karɓi imel da kalmar sirrin da aka yi rajistar da su, ki kuma bincika sunan a shafin CAC da kanki ki ga ko yana nan da gaske.