Tukwicin kawo aboki jim: abin da ya same ni da yadda nake rubuta sanarwata yanzu

"Salam 'yan'uwa. Ina da ɗan ƙaramin jim, wato wurin motsa jiki, ina so in fara ba wa duk mamban da ya kawo min sabon mutum tukwici. Don Allah yaya zan rubuta sanarwar ta fito fili, ta ja hankali, kuma kar wani ya ce an cuce shi?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta saƙonka sai da gabana ya faɗi, don wannan ramin na taɓa faɗawa, ba zan so kai ma ka faɗa ba.

Ni abin da na rubuta lokacin layi ɗaya ne, "Kawo aboki ka samu wata ɗaya kyauta!" Na manna a ƙofa, na sa a sitatus na WhatsApp, ina ta murna. Kuɗin wata a wajena dubu 15 ne, kuma duk sabon zuwa muna bari ya gwada rana ɗaya kyauta. To akwai wani bawan Allah da ya fi shekara yana zuwa wajena, mutumin da ko kuɗinsa ya ƙare nake cewa shiga kawai ka kawo daga baya. Ranar wata Asabar da yamma sai ga shi da samari shida 'yan unguwarsu, suka hau injin gudu, suka ɗaga ƙarfe, suka yi hotuna, suka tafi, ko sisi babu wanda ya biya. Ranar Litinin ya zo ya tsaya gaban kanta ya ce a rubuta masa wata shida. Na ce Malam ai ba su yi rajista ba, sai ya zaro waya ya buɗe hoton sanarwata ya ɗaga sama yana cewa jama'a ku karanta, ina aka ce sai sun biya? Bayan magariba ne, jim a cike, har wani ya rage kiɗa don a ji. A gaban kowa ya ce min macuci. Ni da na sha ɗaga masa ƙafa! Ina tsaye da littafin rajista a hannu, bakina ya mutu, don gaskiya takardar ba ta ce sai an biya ba. Na ba shi wata biyu don a zauna lafiya, ya cinye su, bai sake dawowa ba, ya kuma ja min mutum uku da suke zuwa tare. Har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sai raina ya sosu, mun gaisa dai amma abin bai fita ba.

Don haka kalmar "kawo" ɗin nan ita ce za ta ja maka rigima in ba ka fassara ta ba. Kai a ranka tana nufin mutum ya yi rajista ya biya, shi kuma mamba a ransa ya rako mutum har bakin ƙofa ya gama nasa. Ka rubuta ƙarara cewa tukwici yana tabbata ne bayan sabon ya biya kuɗin wata cikakke, kuma ka sa shi a jikin sanarwar da girman rubutu ɗaya da alkawarin, kar ka ɓoye shi can ƙasa, mutanenmu in suka ga sharaɗi daga baya gani suke wayo aka yi musu.

Sannan ka zauna da biro ka yi lissafi kafin ka yi alkawari. Wata kyauta daɗin ji ne da shi, amma duba, sabo ya biya dubu 15, tsoho ka yafe masa dubu 15, watan nan ba ka ƙaru da komai ba, ga dizal ga ruwa ga albashin koci, kuma da yawa wata ɗaya suke yi su ɓace. Yanzu ni dubu 5 nake rage wa wanda ya kawo a biyansa na gaba, sabon kuma in rage masa dubu 2 a watan farko. Sabo ya ba ni dubu 13, in cire biyar ɗin can, saura dubu 8 a hannuna ko da bai dawo ba. In ya yi wata uku na tashi da dubu 38. Ragin nan na sabon kar ka raina shi, shi ke sa mamba ba ya jin nauyin yi wa abokinsa magana, don ba ya jin kamar talla yake da shi, alheri ya kai masa.

Af, kuma kar ka ba da tsabar kuɗi. Ragi ko ƙarin kwanaki, shi ke nan. Kuɗi a hannu shi ke jawo mutum ya mai da abin sana'a, har yaron kantarka ma in ba ka sa ido ba duk wanda ya shigo da ƙafarsa sai ya rubuta sunan wani nasa a matsayin wanda ya kawo shi. Shi ya sa sabon da kansa yake rubuta sunan wanda ya turo shi a fom ranar rajista, suna ɗaya, in ya wuce ranar an rufe. Da wannan na huta da mutum biyu su zo kowa yana rantsuwa shi ya kawo wane.

Ga irin wadda nake sawa yanzu, ka canza kuɗin ya dace da naka:

"Albishirinku mambobinmu! Motsa jiki da aboki ya fi daɗi. Kawo abokinka ko ɗan'uwanka, ku biyu ku ƙaru: kai a rage maka naira dubu 5 a biyanka na gaba, shi a rage masa dubu 2 a watansa na farko. Abin da zai yi kawai, ya rubuta sunanka a fom ranar da ya yi rajista, ya biya kuɗin wata ɗaya. Yana biya za mu turo maka saƙo a ranar. Sabo shi ne wanda bai taɓa rajista da mu ba, ko ya yi wata 6 rabonsa da mu. Mutum uku a wata shi ne iyaka, ka ga in ka cike ukun watanka na gaba ya zama kyauta! Ragi ne, ba a karɓarsa kuɗi. Daga 1 ga wata zuwa 30 ga wata. Mai tambaya ya same mu a kanta."

Ka lura ban fasa cewa wata kyauta ba, don ita ce ke sa ido ya tsaya, amma sai da mutum uku suka biya tukuna, uku sau dubu 5 dubu 15 kenan cif. Maganar wata 6 kuma saboda masu bari kuɗinsu ya ƙare ne su dawo bayan sati biyu a matsayin sababbi, aboki ya ci ragi su raba. Kwanan watan rufewa ma ka rubuta ainihinsa da sunan watan, in ka bar shi a buɗe wani zai zo maka da hoton sanarwar bara.

Lokacin sakinta ma ka duba. Ni ba na sakewa ana saura kwanaki a kama azumi, don jim ɗina kusan watsewa yake sai 'yan bayan tarawi, bayan ƙaramar sallah da sati ɗaya nake sakewa lokacin kowa na son komawa. In kana da lokacin mata daban ka yi musu tasu da "kawo ƙawarki", su sun fi maza kawo mutane nesa ba kusa ba a wajena, kuma kocinsu mace ce take tura musu a guruf ɗinsu.

Kafin ka manna, ka ba wa mamban da ya fi kowa gardama a jim ɗinka ya karanta, ka ce masa in kai ne ta ina za ka kama ni? Ni da na yi haka tun farko da mutumin nan bai samu bakin kira na macuci a gaban yaran da nake koya wa ɗaga ƙarfe ba. In ka rubuta taka ka turo nan mu duba maka, Allah ya kawo kasuwa mai albarka.