Fankar kan rufi tana girgiza bene duk da robar da na sa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kafa fankar zuƙar iska da famfon ruwa a kan rufin wani bene, kowanne a kan faifan roba. Injin fankar yana juyawa sau 1450 a minti, amma bel ne ke jan ta, ita fankar 720 take yi, famfon kuma 2900. Mai kayan ya ce robar tana tare kashi 90 na girgiza, sai ga shi mutanen hawa na ƙarshe sun kasa zama. A ina na yi kuskure, kuma me zan saya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da na karanta saƙonka sai da gabana ya faɗi, domin irin ramin da ka faɗa shi ne ya kusa raba ni da sana'ata, kuma har yau idan na tuna ranar nan ba na jin daɗi. Kafin ka sake sayen komai, ka hau rufin da rula ka auna milimita nawa robar ta lotsa a ƙarƙashin nauyin fankar, domin wannan lotsawar ce kaɗai za ta gaya maka gaskiya, ba takardar mai kaya ba.

Tawa fankar nauyinta kilo 720 ne, injinta irin naka, ita kuwa tana juyawa sau 600 a minti, wato sau 10 a sakan. Na ɗora ta a kan ƙafafun roba masu lotsawa milimita 6, na kuma yi lissafina da gudun injin, abin ya fito da kyau a takarda: ƙasa da kashi 8 cikin 100 ne zai ratsa zuwa ginin. Na sa hannu da ƙarfin gwiwa. Mako biyu bayan an kunna, aka kira ni ɗakin taro na hawa na ƙarshe, aka zaunar da ni a gaban mai ginin, ba wanda ya ce mini uffan, sai wani ya ajiye kofin gilashi cike da ruwa a tsakiyar teburin. Muna kallo saman ruwan yana yin zobe-zobe ba ƙaƙƙautawa, murfin fitilar sili yana ta ƙara a kanmu kamar haƙoran mai jin sanyi. Wakilin kamfanin da ya sayar mini da robar yana zaune a gefena, mutumin da ya rantse mini a waya cewa ta isa har ta yi yawa, kuma shi ne ya fara buɗe baki ya ce kayansu ba su da laifi, injiniya ne bai ba su gudun fankar ba. Alhali na ba shi, a rubuce ma. Bai tambaye ni irin rufin ba, bai tambayi nauyin kowace kusurwa ba, sai da abu ya ɓaci ya zama malamin lissafi a gaban mutane. Na haɗiye maganar ne kawai domin na san cewa, ko da ya yi mini ƙarya, sa hannun da ke kan takardar nawa ne.

A daren nan na sake lissafin, na ga inda na kashe kaina. Duk abin da aka ɗora a kan roba ko sifirin yana da saurin lilo na kansa, kuma lotsawar ce ke ƙayyade shi: gwargwadon yawan lotsawa, gwargwadon raguwar wannan saurin. Abin da ke ratsawa zuwa gini kuma ya dogara ne ga yadda gudun na'urar ya ninka saurin lilon.

```
fn = 15.8 / √d
T = 1 / ((f / fn)² − 1)
```

A nan d ita ce lotsawa da milimita, fn saurin lilo a sakan, f juyin na'urar a sakan, T kuma kason da ke ratsawa. Sai f ya wuce fn da ninki 1.41 kafin a fara samun wata kariya ko kaɗan. Ƙasa da haka robar ƙara girgizar take yi, idan kuma suka zo daidai da juna, to nan ne abin yake hauka. Milimita 6 tana ba da lilo kusan 6.5 a sakan. A kan gudun injin, wanda ya ɗan haura 24 a sakan, wannan ya yi daidai, amma a kan 10 na fankar kashi 71 ne ke wucewa. Kuskurena ke nan, kuma ina kyautata zaton shi ne naka: ana zaɓe da mafi ƙarancin gudu a cikin na'urar, ba da lambar da ke jikin injin ba, musamman ma da yake rashin daidaiton nauyi galibi a fukafukan fanka yake taruwa idan ƙura da maiƙo suka maƙale musu.

Akwai kuma abin da wakilin nan bai taɓa gaya mini ba, wato roba ta fi tauri idan ana jijjiga ta fiye da yadda take nunawa idan nauyi ya zauna a kanta shiru. Idan taurin ya ƙaru da rabi, abin da ba baƙo ba ne ga roba, lilon nawa ya tashi daga 6.5 zuwa kusan 8 a sakan. Su kuma masu kula da ginin suna rage gudun fankar da inbata, na'urar da ke sarrafa gudun injin, zuwa 480 a minti da yamma, wato 8 a sakan cif. Ka ga ashe da hannuna na daidaita fankar da robarta suka riƙa yi wa ginin kiɗa. Shi ya sa ƙorafin ya fi yawa bayan la'asar, ni kuwa ina zuwa dubawa da safe ina cewa mutanen nan suna da ƙari. Idan taka fankar tana da inbata, ka tambayi mafi ƙarancin gudun da ake sauke ta, ka yi lissafi da shi, kuma ka tsaya a wurin a riƙa sauke gudun a hankali: idan girgizar ta ƙaru maimakon ta ragu, ka kama ɓarawon.

Idan faifan robarka irin siririn nan ne mai lotsawa milimita 3, lilonsa ya kai 9 a sakan, fankarka kuma 12 take yi, ninkin bai kai 1.41 ba, saboda haka da ka ɗaure ta kai tsaye a kan kankare ma da ya fi maka sauƙi. Famfon kuwa, da yake yana yin sama da 48 a sakan, wannan faifan zai iya tare fiye da kashi 90 a lissafi, don haka mai kayan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, gaskiyar famfo ya ɗauka ya jingina wa fanka. Ka kashe ɗaya ka bar ɗaya, ka sauka ƙasa ka ji da tafin hannunka a jikin bango, kada ka canza abin da ba shi da laifi.

Domin a tare kashi 90, dole gudun ya ninka lilon sau 3.3. A wurina, da 8 a sakan, wannan ya nemi lotsawar milimita 43, sai na sayi sifirin na ƙarfe mai milimita 50, abin da ke ratsawa ya sauko ƙasa da kashi 9. A wurinka lissafin zai nuna milimita 19, wato sifirin mai 25 ya isa a takarda, amma ina roƙonka kada ka tsaya nan. Lissafin nan yana ɗauka cewa abin da ke ƙarƙashin sifirin ba ya motsi, rufi kuwa shi ma sifirin ne, musamman idan ƙarfe ne mara nauyi ko tazarar ginshiƙai tana da faɗi. Ƙa'idar da ake bi ita ce lotsawar sifirin ta kai kusan ninki goma na ƙarin lotsawar da nauyin na'urar ya sa rufin ya yi. Injiniyan gini ya lissafa mini nawa ya samu milimita 4, ka ga 40 ke nan, 50 ɗin ta rufe duka biyun. Ka nemi wannan lambar daga wanda ya zana ginin, idan kuma da hali ka matsar da fankar kusa da ginshiƙi maimakon tsakiyar fili.

Ko sifirin ɗin ma sai da ya sake ba ni kunya, domin lambar da ke kan kwali alkawari ce da ba ta cika sai nauyi ya cika. Wanda aka rubuta wa milimita 50 a kan kilo 240, idan kilo 120 ka ɗora masa, 25 kawai zai lotsa. Fankata ɓangaren injin ya ɗauki kilo 240 a kowace ƙafa, ɗaya ɓangaren 120, ni kuwa na kusa sayen guda huɗu iri ɗaya, sai wani dattijon makaniki ya ce in fara neman nauyin kowace kusurwa. Ka auna tsayin kowane sifirin kafin a ɗora masa kaya, ka sake aunawa bayan an ɗora, bambancin shi ne ainihin lotsawarka, kuma ya kamata huɗun su zo kusan ɗaya. Ka tabbata akwai sauran sarari tsakanin zobban, kamar rabin lotsawar, kafin su haɗe da juna. A kan rufi kuma ka sayi mai keji da ƙusoshin tsarewa saboda iska mai ƙarfi, wanda aka yi wa rufin hana tsatsa, da siririyar roba a ƙasansa domin tare ƙarar da ke bin ƙarfe.

Waɗannan ƙusoshin tsarewar su ne suka sa na sake hawa rufin karo na uku ina zufa. Yaran da suka yi aikin sun ɗaure notin tamau domin a ganinsu duk abin da ke motsi bai ɗauru ba, sifirin ya zama ado. Yanzu kafin in bar kowane aiki sai na zura takarda a tsakanin kowane noti da kejinsa, in kuma tura na'urar da hannu in ga ta yi lilo a hankali ta tsaya. Haka zancen yake ga bututun iska da aka haɗa ba tare da mahaɗin tamfol ba, da bututun wayar lantarki mai tauri, da katakon dako da aka manta a ƙarƙashi.

Famfonka ma ta bututu na fi jin tsoronsa, ba ta ƙafa ba. Idan ka kashe fanka ka ji har yanzu akwai gunji a ƙasa, ka duba ko akwai mahaɗin roba a mashiga da mafita, ka kuma duba matokaran farko na bututun, domin su ma suna bukatar sifirin mai lotsawa daidai da na famfon. Idan shi ma za ka mayar da shi kan sifirin, ka zuba masa gindin kankare mai nauyi domin kada ya riƙa tsalle lokacin kunnawa, amma sai injiniyan gini ya yarda rufin zai ɗauka, kuma ka lissafa nauyinsa da ruwa a ciki, ba yadda ya zo a busasshe ba. Ka turo mana awon lotsawar kusurwoyin huɗu da mafi ƙarancin gudun fankar, sai mu zauna mu fitar da girman sifirin ɗin tare kafin ka sake kiran mai kayan nan.