Rasit ya cukuikuye, kuɗi bai fito ba

Malam, na tura wa ƙanena kuɗi ya sayo kwanon rufi a Gumel. Ya turo min hoton rasit a cukuikuye kuma a karkace. Na kasa gane ko 86,000 ne ko 36,000. Ina tsoron in zarge shi a banza. Mai karatu daga Maigatari.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka kira yaron. Karyewar takarda takan cinye gefen hagu na 8 ya koma kamar 3, haka ma 7 yakan koma 1 idan an ɗauki hoton daga gefe. Daina ƙura wa jimillar ido, nemi layin VAT, wato harajin sayen kaya, da ke samanta. Harajin nan kashi 7.5 ne cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wato naira 75 a kowace dubu. Idan ka ga 6,000 a layin, kuɗin kaya 80,000 ke nan, jimilla 86,000. Da 36,000 ne, da harajin bai wuce 2,500 da 'yan kai ba. In akwai layin CASH da CHANGE, cire canji daga abin da aka miƙa, dole ya ba ka jimillar. Mutane kan ɗauki na CASH a matsayin kuɗin kaya, daga nan rigima take tashi.

Sannan a kula, a kan kuɗin kaya ake ɗora harajin, ba a kan jimilla ba. Wanda ya lissafa shi a kan 86,000 zai samu 6,450, ya zo yana kumfar baki wai an cuce shi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu rubuta VAT da biro a ƙasan rasitin hannu, babu sunan shago, babu lambar haraji. Na ga an ɗora shi a kan buhun gero da takin zamani, alhali doka ta ɗauke wa ɗanyen abinci da taki wannan haraji. Wa za a kai wa kuɗin? Mutumin ƙauye ya ga baƙaƙen Turanci uku, ya ji kunyar tambaya, ya zaro ya biya. Ku riƙa tambaya a gaban mai shago, tun kaya ba su hau a-kori-kura ba.

Ka ce wa ƙanen naka ya shimfiɗa takardar a benci cikin inuwa, ya danne kusurwoyinta da tsakuwa, ya ɗauka daga sama tsaye, ba filasha.

An rubuta 04/05/25 a rasitina. Afrilu ne ko Mayu? Wata uwargida daga Wudil.

Hajiya, a nan rana ake fara rubutawa, 4 ga Mayu ke nan. Amma wasu injinan kan fara da wata, don haka duba sakon banki na ranar, ko ki tuna ko washegarin ranar kasuwa ce. In da wata aka fara, 5 ga Afrilun 2025 ke nan, Asabar ce, washegarin kasuwarku ta Juma'a, 4 ga Mayu kuwa Lahadi ce.

In goge shi da dutsen guga ya miƙe? Wani daga Ringim.

Haba Malam! Da zafi injin yake rubutu a takardar nan, guga zai mayar da ita baƙi ƙirin. Sa ta cikin littafi ta kwana.