Yayana kamar yana shawagi a hoton

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na yanko yayana a tsaye daga hoton da muka ɗauka a gidanmu a Nima, na ɗora shi gaban Masallacin Ƙasa na Kanda. Kowa ya gani sai ya ce liƙi ne. Ina na kuskure?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi na san zafin nan, ka ɓata dare kana gyaran gefen hula, a kallo ɗaya a ce liƙi ne. Kuma yawanci ba yankan ba ne matsalar, ƙafafun ne.

Kafin komai, duba daga ina aka ɗauki hotunan biyu. In duka a tsaye mai kyamara yake, ƙasa kuma shimfiɗaɗɗiya ce, kawunan mutanen da ke harabar za su kusan jeru a layi ɗaya, na kusa da na nesa. A Photoshop danna Ctrl+T, ka sa idon yayanka a kan layin nan, sannan ka ƙara ko ka rage shi har tafin ƙafarsa ya sauka inda kake so ya tsaya. Amma in an ɗauke shi daga sama, saman takalminsa duk a bayyane, masallacin kuma daga ƙasa, kar ka wahalar da kanka, ka sake ɗaukarsa.

Sai inuwa, nan ne abin ke ba ni takaici, don kowa na tsallake ta. Inuwa biyu ce. Ta farko siririya ce mai duhu, daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa. Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashinsa, mai da ita Multiply, ɗauki burushi mai laushi, Opacity kamar 25%. Kar ka sa baƙi wuluk. Riƙe Alt ka ɗebo launi daga wata inuwa da ke cikin hoton, ka bi ƙarƙashin takalmin a hankali, faɗinta kar ya wuce kaurin tafin. Rashinta ne ke sa mutum shawagi. Ta biyu ita ce doguwar, ka kwaikwayi ta ginshiƙi ko ta wani mai wucewa. Da tsakar rana a Accra rana kusan bisa kai take, inuwa gajeriya ce a gindin ƙafa, in ka ja ta da tsawo ka tona kanka.

Af, Select Subject, wanda ke zaɓo maka mutum daga hoto da kansa, yakan cinye tafin takalmi, ko ya bar tsohon bango tsakanin hannu da jiki. Zuƙo hoton ka duba. In farar riga ya sa, gefenta ya riga ya sha launin bangon gidanku. A Select and Mask ka ja Shift Edge zuwa wajen -15%, Feather kar ya wuce 1 px, ka kunna Decontaminate Colors.

In hasken fuskarsa daga dama yake, na masallacin daga hagu, ka juya shi da Flip Horizontal, sai dai ka lura ko akwai rubutu a rigar, ko aljihun ya koma wancan gefen.